Allo ya nuna 1234, sai kuma me? Yadda ake kammala rahoton gwajin maltifleksin

Yawancin rahoton lab na wannan gwajin da magana ɗaya yake ƙarewa, wai an haɗa sakit, an loda kod, allon ya nuna lambobi huɗu, saboda haka gwaji ya yi nasara kuma an fahimci yadda maltifleksin yake aiki. To ai duk wanda ya leƙo teburinka ya ga lambobin da idonsa, ba sai ka rubuta masa ba. Abin da mai duba rahoton yake nema a sashen kammalawa shi ne ka gaya masa me ka biya kafin ka samu wannan nasarar, domin maltifleksin, wato kunna lambobin allo ɗaya bayan ɗaya da sauri ta wayoyi iri ɗaya, ciniki ne, ka rage ƙafafun da za ka ɗaura wa waya amma ka biya da haske, ka biya da lokacin furosesa, kuma akwai iyakar sauri ta sama da ta ƙasa da in ka tsallake abin zai lalace. Kammalawa mai kyau ita ce wadda ta faɗi wannan cinikin da alƙaluman da kai ka auna a kan naka sakit ɗin.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Allo ne ja mai gurbi huɗu, kowane gurbi da sanda bakwai, a zuwa g, da ɗigo na takwas, irin wanda ƙafar nagatif ɗinsa take a haɗe, wato kwaman katod. Arduino Uno ne yake tuƙa shi da bolt 5. Kowace sanda tana da rezista mai om 220, kowane gurbi kuma yana da taranzista 2N2222 a ƙafarsa ta haɗaka, da rezista mai om 1000 a bes ɗinta. Da a ce kowane gurbi za a ja masa wayoyinsa daban, ƙafa 32 ake buƙata, takwas sau huɗu, shi kuwa Uno ko ka haɗa da ƙafafunsa na analog, ƙafa 20 gare shi. Amma a cikin allon an riga an haɗe duk sandunan a wuri ɗaya, duk sandunan b wuri ɗaya, haka har ɗigo, sai ya zama waya 8 ta sanduna da waya 4 ta zaɓen gurbi, jimla 12. Wannan shi ne ribar, kuma ita ce kaɗai yawancin ɗalibai suke tunawa su rubuta.

Tunda an haɗe sandunan, ba yadda za a yi gurbi biyu su nuna lamba daban-daban a lokaci guda. Karɓa-karɓa ake yi. A kunna gurbi na farko da 1, a kashe, a kunna na biyu da 2, a kashe, haka har na huɗu a dawo. A kowane ɗan lokaci gurbi ɗaya ne kawai yake ci, sauran ukun duhu ne, ido ne yake haɗe su, kamar yadda in ka juya itace mai garwashi da sauri cikin dare za ka ga zoben wuta alhali garwashin ɗaya ne. To daga nan tambayar farko ta taso wadda dole kammalawa ta amsa: wane sauri ne ya isa?

A nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu. In kowane gurbi yana tsayawa milisakan 2, to sakit ɗin yana sauya gurbi sau 500 a sakan, sai mutum ya rubuta wai allon yana sabuntawa sau 500 a sakan. A'a fa. Abin da ido ya damu da shi shi ne sau nawa gurbi guda yake sake kamawa, shi kuma sai an zagaye duka huɗun kafin layi ya sake zuwa kansa.

```
f = 1 / (N × t) = 1 / (4 × 2 ms) = 125 Hz
```

N yawan gurbi ne, t kuma tsayuwar kowane gurbi. Sau 125 ke nan a sakan, ba 500 ba. In ka sa 500 a kammalawa mai dubawa ya riga ya gane ba ka kama zaren ba, ko da kuwa sauran rahoton ya yi kyau.

Yanzu mu ce a lab ɗin an gwada tsayuwa iri huɗu. A milisakan 10 zagaye ɗaya yana cin milisakan 40, sau 25 a sakan ke nan, ƙiftawar a fili take, kowa yana ganin allon yana rawa. A milisakan 5 an samu sau 50 a sakan, in ka kalle shi kai tsaye kamar ya tsaya amma da ka kau da kai ka hango shi ta gefen ido sai ka ga yana ɗan kaɗawa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa saurin kama ƙiftawa. A milisakan 2 da milisakan 1, wato sau 125 da sau 250, babu wanda ya ga komai. To me za ka rubuta? Abin da ake yawan rubutawa shi ne wai gwajin ya tabbatar da cewa ido yana daina ganin ƙiftawa a sau 60 a sakan. Ina ka gwada 60? Ba ka gwada ba, a littafi ka gani ko a bakin malami ka ji. Iyakar abin da alƙalumanka suka nuna shi ne iyakar tana wani wuri tsakanin 50 da 125, shi ke nan. In kana son matse ta sai ka ƙara gwada milisakan 4 da 3, waɗanda za su ba ka 62.5 da kusan 83, in kuma lokacin lab ya ƙare ba ka yi ba to ka faɗi tazarar yadda take. Kuma ka tuna wannan awon da idon mutum aka yi shi, ba da mita ba, yana canjawa da hasken ɗakin da ƙarfin hasken allon kansa, gwargwadon yadda allon ya fi haske gwargwadon yadda ake iya hango ƙiftawarsa a sauri mafi yawa. Shi ya sa jimlar za ta fi gaskiya in ta ce mutum nawa ne suka kalla kuma a wane irin haske.

Wani abu kuma, kar ka ɗauki hoton wayar hannu a matsayin hujja. Kyamara tana karanta hoton ne layi-layi kuma in hasken ya yi yawa tana buɗe idonta na ɗan ƙanƙanen lokaci, sai ka ga a bidiyo gurbi ɗaya ya ɓace ko baƙin layi yana yawo a kan allon da yake tsaye ƙyam a idonka. Wannan ba laifin sakit ba ne. In ma za ka yi amfani da shi, ka yi amfani da shi a matsayin shaidar cewa lallai gurbin ba tare suke ci ba.

In akwai osilosikof a lab ɗin, ɗora shi a bes ɗin taranzista ɗaya ko a ƙafar Uno da take tuƙa ta, za ka ga bugu mai tsayi kwata ɗaya, ƙasa kwata uku. Kuma ba mamaki ka ga zagayen bai tsaya a milisakan 8 cif ba, ya ɗan haura, mu ce 8.2, wanda yake ba da kusan sau 122 a sakan maimakon 125. Nan ma kar ka yi saurin rubuta kuskuren ɗan adam, wannan jimlar da ake liƙa wa kowane bambanci ba ta bayyana komai. Dalilin yana cikin kod ɗinka. `delay(2)` milisakan 2 ne, amma kafin a zo kansa sai an kira `digitalWrite` kusan sau goma a kowane gurbi, kowane kira kuma a kan Uno yana cin 'yan maikirosakan, in ka tara su za su kai wajen 40 zuwa 50 a gurbi ɗaya, sau huɗu kuma ga 0.2 ɗinka ta fito. Bambancin da ka iya bin sawunsa har gida ya fi wanda ya yi daidai da lissafi daraja a rahoto.

Sai maganar haske, wadda a ganina ita ce zuciyar gwajin kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jan ƙwan sanda yana cin kusan bolt 2, taranzistar da ta buɗe sosai tana cin kusan 0.2, sauran ya faɗa kan rezista.

```
I = (5 − 2.0 − 0.2) / 220 ≈ 12.7 mA
```

Wannan shi ne karent ɗin da sanda take samu a lokacin da take kunne. Amma kwata ɗaya na lokaci kawai take kunne, saboda haka matsakaicin ya koma kusan miliamf 3.2, kuma da zarar saurin ya wuce inda ido yake ganin ƙiftawa to matsakaicin ne ido yake gani a matsayin haske. Allon ya fi dusashewa ke nan a kan yadda zai kasance da gurbi ɗaya ne yake ci shi kaɗai ba kashewa. Sai dai ka kula da yadda za ka faɗe shi, karent ne ya ragu zuwa kwata, ido kuwa ba zai ce maka hasken ya ragu sau huɗu ba domin ido ba ya auna haske a miƙe, zai ga ya ɗan dusashe ne kawai. In ba ka da na'urar auna haske to ka tsaya a kan karent, shi ka auna.

To mu ce da aka auna boltej a kan rezistar aka samu 2.5 maimakon 2.8, wato miliamf 11.4 ke nan ba 12.7 ba, matsakaicin kuma kusan 2.9 ba 3.2 ba. Bambancin kusan kashi 10 cikin ɗari ne. Mutum zai ce ai rezistar ce ba ta cika ba, amma rezista mai zoben zinare kashi 5 cikin ɗari aka yarda ta kauce, ita kaɗai ba za ta ɗauki laifin duka ba, kuma ai kana iya cire ta ka auna da mita cikin sakan biyar ka huta da zato. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ƙafar ATmega328P, wato cif ɗin da yake kan Uno, ba ta ba da cikakken bolt 5 in ana jan karent daga gare ta, tana da nata ɗan turjiya a ciki, wajen om 25, a miliamf 11 kuwa wannan ya kai kusan bolt 0.3. Ɗora mita ko osilosikof a ƙafar yayin da sandar take ci, in ka ga 4.7 to magana ta ƙare, 4.7 a cire 2.2 saura 2.5. In kuma daga kebul ɗin kwamfuta kake ba bod ɗin wuta, ka auna layin bolt 5 ɗin kansa, sau da yawa shi ma bai cika ba.

Akwai wani tarko a nan da yake kama har waɗanda suka iya lissafi. Ɗalibi ya san matsakaicin karent kwata ne, sai ya sa allon ya nuna 8888, ya yanke wayar sanda a ya saka mita a tsakani yana jiran ya ga wajen miliamf 3, sai mita ta nuna masa 11 da ɗoriya, sai ya rikice ya fara zargin mitar. Mitar ba ta yi ƙarya ba. Wayar sanda a ta kowa ce, a 8888 kuwa ko wane gurbi ne yake kan layi yana jan karent ta cikinta, saboda haka ita wayar ba ta hutawa, ƙwayayen ne suke hutawa ɗaya bayan ɗaya. In kana son ganin kwatan, ko dai ka kunna sandar a gurbi ɗaya tak ka bar sauran ukun babu komai, ko ka kai mitar ƙafar haɗaka ta gurbi guda. A can, in gurbin yana nuna 8, sanda bakwai sau 11.4 kusan miliamf 80 ne a lokacin da yake ci, mita kuma za ta nuna maka wajen 20 domin ita matsakaici take karantawa. Kammalawar da ta faɗi inda aka saka mitar ta nuna mai ita ya san abin da ya auna.

Wannan 80 ɗin kuma shi ne amsar tambayar me ya sa aka sa taranzista. Detashit ɗin ATmega328P, wato takardar bayanin da masu ƙera shi suka fitar, ya sa iyakar ƙafa ɗaya a miliamf 40, kuma wannan iyakar halaka ce ba ta aiki ba, a aikace wajen 20 ake tsayawa. In ka haɗa ƙafar haɗakar kai tsaye da ƙafar Uno kana neman ta shanye ninki biyu na iyakarta. Sau da yawa ba ta ƙonewa nan take, boltej ɗinta ne yake ɗagawa sai 8 ya dusashe 1 ya yi ƙyalli, mutum ya ga abu yana aiki ya ɗauka lafiya lau. Wasu labs ɗin BC547 suke bayarwa, ita kuma iyakarta miliamf 100 ne, in ka ƙara ɗigo a kan sanda bakwai ka haura 90, ka ga an zo bakin gaɓa, ya kamata a ambace shi ko da a jimla ɗaya.

Shi kansa bambancin haske tsakanin 1 da 8 yana da wani sanadin da ya fi wannan yawa, wato a sa rezista huɗu a ƙafafun haɗaka maimakon bakwai ko takwas a kan sanduna, don a rage wayoyi a buredbod. In aka yi haka karent ɗin da rezistar ta bari ya wuce kusan ɗaya ne ko sanda nawa ne suke ci, sai su raba shi a tsakaninsu. Lamba 1 sanda biyu ce, kowace ta samu wajen miliamf 6, lamba 8 sanda bakwai ce, kowace ba ta kai 2 ba. In allonka yana nuna 1818 ka ga ɗaya-ɗayan sun fi takwas-takwas haske sosai, fara duba inda rezistocin suke kafin ka taɓa kod.

Jimlar da nake so a daina rubutawa ita ce wai maltifleksin yana rage cin wuta. Eh, a kan takarda 8888 yana jan wajen miliamf 80 yayin da in duka huɗun suna ci tare da irin waɗannan rezistocin zai ja 320. Amma hasken ma ai ya ragu da wannan kason. In kana son hasken ya dawo yadda yake sai ka ninka karent ɗin kowane bugu sau huɗu, kusan miliamf 46 a sanda, ka dawo inda ka taso a cin wuta, kuma ka riga ka haura iyakar 40 ta ƙafar, ga kuma allon kansa yana da nasa iyakar bugu a detashit ɗinsa. Abin da aka rage ƙafafu ne da wayoyi da yawan rezista.

Sai inuwa, wato ka ga wata lamba a dusashe tana leƙowa a gurbin da ba nata ba. Wannan kusan kullum daga jerin umarni ne. Tsarin da yake daidai shi ne a kashe gurbin da yake ci, a sauya sanduna cikin duhu, sannan a kunna na gaba.

```
digitalWrite(digitPin[i], LOW);
i = (i + 1) % 4;
setSegments(value[i]);
digitalWrite(digitPin[i], HIGH);
delay(2);
```

In ka sauya sandunan alhali tsohon gurbin bai mutu ba, sabuwar lambar za ta haska a tsohon gurbin na ɗan lokacin da ake rubuta ta. In kuma ka kunna sabon gurbin kafin ka sauya sandunan, tsohuwar lambar ce za ta haska a sabon gurbin. Ka ga ke nan gefen da inuwar ta faɗa yana gaya maka wane kuskure ne aka yi, inuwa a gurbin da ya riga shi ci tana nufin an makara kashewa, inuwa a gurbin da yake biye tana nufin an yi gaggawar kunnawa. Hanyar gwadawa mai sauƙi ita ce ka sa 8 a gurbi ɗaya ka bar sauran fayau, ka kare allon da tafin hannu daga hasken ɗaki, ka duba maƙwabtansa. Rubuta sanda bakwai da `digitalWrite` yana cin wajen maikirosakan 30, a cikin 2000 bai wuce kashi 1.5 cikin ɗari ba, amma a duhu ido yana hango shi tsaf.

Daga nan ne iyakar sama take fitowa, wadda kusan babu mai ambatawa. Mutum ya ga ƙiftawa ta tafi da aka ƙara sauri sai ya kammala da cewa ƙarin sauri ya fi kyau, ba iyaka. Gwada rage tsayuwar zuwa maikirosakan 100 ka gani. Lokacin sauya sandunan bai ragu ba, yana nan a 30 zuwa 40 ɗinsa, sai dai yanzu ya zama kaso mai girma na kowane zagaye. In jerin umarninka ba daidai ba ne inuwar za ta yi ƙarfi har lambobin su fara cakuɗewa, in kuma daidai ne to allon zai dusashe domin wajen kwata na lokacin duk gurbin a kashe suke ana sauyi. Ga kuma furosesa ba ta da sauran numfashin yin wani aiki. Saboda haka akwai fili a tsakiya, ƙasa da shi ƙiftawa, sama da shi inuwa ko dusashewa, kuma milisakan 1 zuwa 2 na misalinmu a cikin filin suke.

In na tattara abin da ke sama a matsayin kammalawar wannan misalin, ga kusan yadda zan rubuta, kai sai ka mayar da shi harshen da ake rubuta rahoto a sashenku ka kuma sa naka alƙaluman:

"An tuƙa allo mai gurbi 4 da ƙafa 12 maimakon 32. Ƙiftawa ta fito fili a sau 25 a sakan, ana hango ta da gefen ido a sau 50, ba a gan ta ba a 125 da 250, don haka a hasken ɗakin da aka yi gwajin iyakar tana tsakanin 50 da 125. Ba a gwada tsakanin ba. A tsayuwar milisakan 2 zagayen da aka auna 8.2 ne maimakon 8, ƙarin ya yi daidai da lokacin rubuta ƙafafu. Karent ɗin sanda miliamf 11.4 ne a kan 12.7 na lissafi, saboda ƙafar ta sauka zuwa bolt 4.7 da aka ɗora mata kaya. Kowane gurbi kwata na lokaci yake ci, matsakaicin karent ɗin sanda ya zama kusan 2.9, kuma ba za a iya rama shi duka ta rage rezista ba tare da haura iyakar miliamf 40 ta ƙafar ba. Inuwa ta ɓace bayan an kashe gurbi kafin sauya sanduna. Ba a auna haske da na'ura ba, hukuncin ƙiftawa da na inuwa da ido aka yi."

Gajere ne, kuma ka lura babu wani sabon alƙalami a ciki da bai riga ya fito a teburin sakamako ba. Wannan doka ce da ba a karyawa, in lamba ta fara bayyana a kammalawa to ko dai ka manta sa ta a inda ya kamata ko ƙirƙirar ta ka yi. Kuma ba a sake ba da labarin yadda aka soka wayoyi ba, wannan aikin sashen hanya ne. Jimlar ƙarshen da ta ce ba a auna haske ba, wasu suna jin tsoron rubuta irinta wai za ta rage musu maki, ni kuwa ina ganin ita ce take sa a yarda da sauran.

In manuwal ɗin ya nemi shawarar gyara, kar ka rubuta a yi amfani da kayan aiki masu inganci, ba ta da ma'ana. Ka ɗauko ta daga abin da ka gani. Misali, ɗalibai da yawa za su lura cewa da suka ƙara `Serial.print` ko karatun sensa a cikin `loop()` sai gurbi ɗaya, galibi na ƙarshe, ya fi sauran haske, ko allon ya fara ɓari lokaci-lokaci. Dalilin shi ne duk wani aikin da ka cusa ana yinsa ne yayin da wannan gurbin yake kunne, sai ya ci lokacin da ya fi nasa. A gudun 9600 harafi ɗaya yana cin kusan milisakan 1, kuma da zarar ma'ajiyar aikawa mai gurbin harafi 64 ta cika sai kod ɗin ya tsaya jira, shi kuma allon ya tsaya a kan gurbi guda. Gyaran da ya fito daga wannan shi ne a ɗauke sauyin gurbi daga `loop()` a miƙa wa intarof na taima, yana bugawa kowane milisakan 2 ko me furosesa take yi, ko kuma a ba wani cif na daban aikin gaba ɗaya, irin su MAX7219 da yake tuƙa gurbi takwas da kansa ta waya uku.

Tambayar da mai dubawa yake son jefawa a baki ita ce to in gurbin takwas ne fa? Lissafin ɗaya ne. Ƙafa 16 maimakon 64, ribar ta ƙaru. Amma a tsayuwar milisakan 2 zagaye ya koma 16, sau 62.5 a sakan ke nan, ka faɗo cikin tazarar nan da ba ka gwada ba, sai ka rage tsayuwar zuwa milisakan 1 don ka dawo 125, wanda kuma ya ninka kason lokacin da ake ɓatawa a sauyi. Matsakaicin karent ɗin sanda ya sauka zuwa wajen miliamf 1.4, kuma tunda ƙafar Uno ba za ta ba ka fiye da abin da take bayarwa ba, a nan ne dole sandunan ma a sa musu nasu direban.